Kolestarol ɗina lafiya lau, to sitatin ɗin na mene ne?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min don abin ya ɗaure min kai. Shekarata 52, shekara shida kenan ina fama da suga, ina kan metfomin safe da yamma kuma Alhamdulillah sugan yana zaune. Satin da ya wuce na je ganin likita aka ɗibi jini da fitsari, sakamako ya fito kolestarol ɗina gaba ɗaya 178, a gefen takardar ma an rubuta ƙasa da 200 lafiya ne, ko jan layi babu a wajen. Amma likita yana gama dubawa sai ya ƙara min magani biyu, atobasitatin 20 wai na kolestarol, da losatan wai na hawan jini saboda awona ya nuna 142/88. Toh ni dai a sanina 140/90 ne hawan jini, nawa da 2 kawai ya ɗara, kolestarol kuma takarda da kanta ta ce lafiya. Na karɓo maganin amma gaskiya ban fara sha ba, yana nan cikin leda a kan durowa.

Abban Walid: Wa alaikumus salam Malam. Ni shawarata ka riƙe suganka da kyau kawai, suga ne ke ɓata jijiya, in ya zauna shikenan. Mutum da lafiyarsa a ɗora masa ƙwaya har ƙarshen rayuwa, kuma wannan sitatin ɗin na ji ana cewa hanta yake ci.

Nas Bilkisu: Abban Walid a yi a hankali da cewa mutum ya bar abin da likitansa ya rubuta fa. Malam Sani ba 178 ɗin nan kaɗai ke kan takardar ba, duba ƙasa da shi akwai LDL wato mugun kolestarol, da HDL mai kyau, da tiragilisarid wani nau'in kitsen jini, turo mana su, da abin da aka samu a fitsari.

Malam Sani: Toh ga su nan. LDL 100, HDL 36, tiragilisarid 210, duk mg/dL aka sa a gaba. Na fitsarin kuma an rubuta albumin 45 mg/g, shi kam akwai ɗan tauraro a gefensa, na manta ban faɗa ba.

Usy: Kai jama'a 178?? Innalillahi. Nawa fa 4.6 ne kuma likita ya ce sai na yi hankali, Malam ka koma asibiti yau yau ɗin nan

Nas Bilkisu: Hhh Usy kwantar da hankalinka, ma'auni ne ya bambanta. Naka mmol/L ne nasa mg/dL, in ka ninka 4.6 sau 38.7 za ka samu wajen 178, wato kai da Malam Sani lambarku ɗaya sak.

Usy: Au, toh na ji kunya, bari na koma gefe na yi kallo

Dakta Hadiza: Malam Sani sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tambaya maimakon ka jefar da ledar. Ba ni na duba ka ba don haka maganata ba ta maye gurbin ta likitanka, amma da waɗannan lambobin ni ma abin da zan rubuta kenan ko kusa da haka.

Wannan 200 ɗin da ke gefen takarda inji ne ke buga shi wa kowa, ɗan shekara 25 mai ƙoshin lafiya da kai duk layi ɗaya. Injin bai san kana da suga ba, bai san shekarunka ba, bai ga awon jininka ba. Likita kuwa ba tambayar "kolestarol ya yi yawa?" yake yi ba, tambayarsa ita ce mutumin nan me ye haɗarin ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki nan da shekara goma. Mai suga haɗarinsa kusan ninki biyu ne na wanda ba shi da shi, ko da kolestarol ɗinsu ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka, ADA, ta ce duk mai suga daga shekara 40 zuwa 75 a ba shi sitatin ko nawa ne LDL ɗinsa. In kuma akwai ƙarin haɗari kamar hawan jini ko taba ko matsalar ƙoda, ana so LDL ya sauka ƙasa da 70. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewa shi ƙasa da 55 ake nema masa. Kai naka 100 ne, ga hawan jini, ga albumin wato furotin da ke zuba a fitsari. Ka ga a layin kowa da kowa ka ci, a layinka kuwa da saura.

Abban Walid: Dakta da girmamawa, amma wannan ai kamar matsar da raga ne bayan an buga ƙwallo. In 100 lafiya ne a jikina me zai sa ya zama cuta a jikin Malam Sani, ai kitse kitse ne.

Dakta Hadiza: Tambaya ce mai kyau Abban Walid, kuma amsar biyu ce, ɗaya a bangon jijiya ɗaya a shi kansa LDL ɗin.

Cikin jijiyar jini akwai wata 'yar shimfiɗa siririya mai santsi. Suga mai yawa na shekaru da matsin hawan jini suna gurje ta, sai LDL ya samu hanyar kutsawa cikin bangon ya maƙale, jiki ya turo ƙwayoyin kariya su haɗiye shi, a hankali wajen ya zama tudu. Ranar da saman tudun ya fashe jini ya daskare a wajen, ita ce ranar bugun zuciya, ko shanyewa in a hanyar ƙwaƙwalwa ne. Toh LDL 100 da ke wucewa ta jijiya lafiyayya ba ɗaya yake da 100 da ke wucewa ta gurjajjiya ba.

Na biyun ya fi ɓuya. Lambar LDL ɗin da ke takarda nauyin kaya take aunawa, ba ta ƙirga motocin da suka ɗauko kayan. A mai suga nau'i na biyu, musamman in tiragilisarid ya hau HDL ya sauka kamar dai na Malam Sani, 210 da 36, ƙwayoyin LDL ɗin sukan zama ƙanana, kowacce da ɗan kaya kaɗan. Don a tara 100 ɗin nan sai an samu ƙwayoyi da yawa, kuma kowace ƙwaya dama ce ta shiga bango. Akwai gwajin da ke ƙirga su, ApoB, amma ko ba shi akwai lissafi mai sauƙi, ka cire HDL daga kolestarol gaba ɗaya. Na Malam 178 a cire 36 saura 142. Wanda ake nema wa LDL ƙasa da 70, wannan ragowar ƙasa da 100 ake so ta kasance. Ka ga tazarar ta fi fitowa fili a nan.

Malam Sani: Ikon Allah, 142 kuma. Wato dai duk inda na juya 142 ce ke bina, awon jini ma haka ya ce.

Injiniya Kabir: Dakta bayanin ya shiga, amma ni mutum ne mai son ganin lamba. An taɓa gwadawa a kan masu suga da kolestarol ɗinsu bai hau ba, ko dai hasashe ne daga masu ciwon zuciya aka ɗora musu?

Dakta Hadiza: An gwada Injiniya. Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne binciken CARDS da aka yi a Birtaniya da Ailan, ya fito a 2004. Mutum 2,838 masu suga nau'i na biyu, babu wanda ya taɓa ciwon zuciya, babu wanda LDL ɗinsa ya wuce 160, amma kowa yana da ƙarin haɗari aƙalla ɗaya irin su hawan jini ko taba ko albumin a fitsari. Rabi aka ba su atobasitatin 10 kacal, rabi ƙwayar da ba magani a ciki. Cikin kusan shekara huɗu mutum 127 a ɓangaren ƙwayar banza suka samu babbar matsalar zuciya ko shanyewa, a ɓangaren sitatin 83. Raguwar kashi 37 cikin ɗari kenan, har sai da aka tsayar da binciken shekara biyu kafin lokacinsa don an ga ba adalci a ci gaba da hana rabin mutanen maganin.

Injiniya Kabir: Na buga lissafin. Kowane ɓangare wajen mutum 1,400 ne, 127 kusan 9 cikin ɗari, 83 kusan 6 cikin ɗari. Ashe kashi 37 ɗin nan in an fassara shi, mutum ɗari su sha ƙwaya shekara huɗu, uku ne suka tsira saboda ita, shida duk da sun sha abin ya same su, sauran 91 dama ba abin da zai same su. Ba wai ina kushewa ba ne, amma 37 da 3 ba su yi kama a kunne ba.

Abban Walid: Yauwa! Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu.

Dakta Hadiza: Lissafinka daidai ne Injiniya kuma haka ya kamata a riƙa faɗa wa mutane. Abin da zan ƙara kawai, shekara huɗu aka auna, Malam Sani kuwa muna masa fatan shekara talatin nan gaba, kuma ribar taruwa take duk shekarar da LDL ya zauna ƙasa. Sannan ba wanda ya san ko yana cikin ukun ko cikin 91 ɗin, da akwai gwajin da zai ware su da mun huta. Wanda haɗarinsa ya fi yawa shi ya fi cin riba, ɗan shekara 41 da suga kawai ba komai ribarsa ƙarama ce, shi ana iya zama a tattauna. Malam Sani ba ya wannan layin.

Abban Walid kai kuma ba abin da kake faɗa ba kenan fa, kai cewa ka yi a riƙe suga shikenan. Riƙe suga yana kare ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa sosai, nan ka yi gaskiya. Amma a manyan jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa tasirinsa bai kai na saukar da hawan jini da LDL ba, kuma yana daɗewa kafin ya bayyana. Maganar hanta kuma, wasu lambar hantarsu takan ɗan motsa a gwaji shi ya sa ake aunawa kafin a fara, amma lalacewar hanta ta gaske daga sitatin abu ne mai wuyar samu ƙwarai.

Maman Ihsan: Ni dai bari na faɗi nawa don na sha. An ba ni simbasitatin 40 shekara biyu da suka wuce, wata ɗaya da farawa cinyoyina suka riƙe, in na zauna a ƙasa sai na dafa bango kafin na miƙe, hawa bene kuwa sai na huta a tsakiya. Na koma na faɗa aka ce min ai tsufa ne, ina shekara 49 fa. Haushi ya sa na watsar da shi da kaina, sati biyu na warware. Tun lokacin ko sunansa ba na son ji.

Nas Bilkisu: Ayya Maman Ihsan sannu, ba a kyauta miki ba gaskiya. Lokacin kina shan wani maganin hawan jini?

Maman Ihsan: Eh amlodifin, har yanzu ma shi nake sha.

Nas Bilkisu: Toh ga inda gizo ke saƙar. Amlodifin yana sa simbasitatin ya taru a jini, shi ya sa in an haɗa su ba a so simba ɗin ya wuce 20. Ke kuma 40 aka ba ki. Irin ciwon da kika kwatanta, cinyoyi duka biyu, ya zo makonni bayan farawa, ya tafi da aka daina, ya yi kama da na maganin sosai. Amma ba hujjar rabuwa da dangin gaba ɗaya ba ce, ana sauya wani kamar rosubasitatin ɗan kaɗan, wasu ma ba kullum ba, ko a ba da ezetimib wanda shi ba sitatin ba ne. Ki koma ki faɗa musu tiryan tiryan yadda kika faɗa mana.

Dakta Hadiza: Na yarda da Sista. Sai dai don masu karatu kar kowa ya ɗauka duk ciwon jiki na sitatin ne. An yi wani ɗan bincike a Landan, SAMSON, 2020, mutum 60 da duk sun bar sitatin saboda ya dame su. Aka riƙa ba su kwalabe wata wata, wani watan sitatin, wani watan ƙwayar banza, wani watan ba komai, ba su san wacce ƙwaya ce wacce ba. Kusan kashi 90 na damuwar da suka ji da sitatin sun ji ta da ƙwayar banzar ma. Ba ƙarya suke ba, ciwon suna jin sa, amma ba daga sinadarin yake ba. Hanyar ganewa ita ce a tsaya da sanin likita, a ga ko ya tafi, a sake gwadawa a ga ko ya dawo. Wanda ba a jira da shi shi ne ciwon tsoka mai tsanani da kasala da fitsari ya koma baƙi baƙi, wannan a daina a tafi asibiti ranar.

Maman Ihsan: Toh Dakta, ni dai nawa ba a kai yake ba, a cinya yake. Amma zan koma in sha Allah.

Hajiya Turai: Ni tambayata ɗaya, ƙanwata ta ce sitatin yana ƙara suga. Mai suga kuma a ba shi abin da ke ƙara suga?

Dakta Hadiza: Gaskiya ne Hajiya, yana ɗan ɗagawa, a gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wajen wata uku abin bai fi ɗigo ɗaya ko biyu ba, kamar daga 7.0 zuwa 7.1. Mutanen da aka yi binciken CARDS da na ambata a kansu ai duk masu suga ne kuma da wannan ɗin a ciki aka ga ribar. Wadda za ta kiyaye da gaske ita ce mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa, ita akan dakatar mata da sitatin, magungunan hawan jini irin su losatan da lisinofiril kuwa sam ba a sha da ciki.

Malam Sani: Na gamsu da na kolestarol. Saura losatan ɗin, 142/88 fa, kuma ranar da sauri na shiga, ko zama ban gama yi ba aka ɗaura min abin.

Nas Bilkisu: In awo ɗaya ne tak kana da hujja Malam. Duba katinka, zuwan baya nawa aka samu?

Malam Sani: Hmm. 144/90 da 138/86. Toh na yi shiru.

Nas Bilkisu: Hhh. Duk da haka in kana da na'ura a gida ka yi na sati ɗaya. Ka zauna minti biyar bayanka a jingine ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana ba waya, ka auna sau biyu safe sau biyu yamma ka rubuta, ka watsar da na ranar farko ka ɗauki matsakaicin sauran. Kuma ka duba girman abin ɗaurawar, in ya yi wa damtsenka kaɗan lambar sama za ta riƙa hawa ba gaira ba dalili.

Dakta Hadiza: A wajen Malam Sani albumin ɗin nan 45 shi ne ya yanke hukunci. Ƙasa da 30 ake so. In ya wuce, matatar ƙoda ta fara yoyo kenan, kodayake akan maimaita gwajin don zazzaɓi ko ciwon sanyin fitsari ko aikin ƙarfi suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci, sai biyu cikin uku sun nuna ake tabbatarwa. Losatan ba saukar da awon hannu kawai yake ba, yana rage matsi a cikin matatar ita kanta, shi ya sa aka zaɓe shi ba wani ba. Bayan ka fara da sati ɗaya zuwa biyu a duba kiriyatinin, wato awon aikin ƙoda, da fotashiyam a jini, kar ka tsallake wannan. Kiriyatinin ya ɗan hau ba abin tsoro ba ne, in ya wuce kashi 30 ne ake sake lale.

Lambar da ake nema kuwa, ADA tun 2023 ƙasa da 130/80 take cewa in za a kai ba tare da wahala ba. A Birtaniya har yanzu ƙasa da 140/90 suke sa wa yawancin masu suga 'yan ƙasa da shekara 80, sai masu yoyon ƙoda mai yawa suke matsawa 130/80. Don haka 140/90 ɗin da ka sani ba ƙarya ba ce, bakin masanan ne bai zo ɗaya ba.

Injiniya Kabir: In ƙasa ya fi me zai hana a ce 120 kowa ya huta?

Dakta Hadiza: An gwada har sau biyu a masu suga kuma amsar ba ta zo ɗaya ba. ACCORD a 2010, mutum 4,733, aka kwatanta ƙasa da 120 da ƙasa da 140, shanyewar ɓarin jiki ta ragu amma jimillar manyan matsalolin zuciya da shanyewa ba ta nuna bambanci a fili ba, illolin magani kuma suka ƙaru. Sai BPROAD a ƙasar Sin a 2024, mutum sama da 12,000, shi ya nuna raguwar kusan kashi 21 a wannan jimillar. Ni a raina na fi karkata ga a sauka in mutum yana ɗauka, amma ina da abokan aiki da ba su yarda da ni ba.

Baba Ɗanjuma: Yara ku bar ni na sa baki. Shekarata 78, suga shekara ashirin. Bara aka ƙara min magani na uku don a kai 130 ɗin nan, da asuba na tashi zan shiga banɗaki duniya ta juya, sai farkawa na yi a ƙasa goshi a fashe. Aka auna ni a zaune 128, a tsaye 100. Yanzu an rage, ina yawo wajen 140 kuma ina tafiya da ƙafata. A bar ni a nan.

Dakta Hadiza: Allah ya ƙara lafiya Baba, kuma ba zan ja da kai ba. Suga in ya daɗe yana taɓa jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini lokacin da mutum ya miƙe, in na sama ya faɗi da 20 ko fiye daga zaune zuwa tsaye to an shiga wani lissafin daban. Karayar ƙugu a 78 ba ta fi shanyewa sauƙi ba. Duk dattijo ko wanda ya daɗe da suga ya roƙa a auna shi a tsaye ma.

Malam Sani: Na gode ƙwarai jama'a, daren nan zan buɗe ledar. Tambaya ta ƙarshe Dakta, 20 ɗin zai kai ni ƙasa da 70 kuwa? Kuma in ya kai sai na daina?

Dakta Hadiza: Atobasitatin 20 yakan rage LDL da wajen kashi 40, daga 100 kana iya sauka kusan 60, za a gani a gwajin da za a maimaita tsakanin sati 4 zuwa 12. Wani likitan 40 zai fara ba ka don yana son a rage rabi cif, amma ninka ƙwayar kusan kashi 6 kawai yake ƙarawa, ni ba zan yi faɗa a kan wannan ba. Dainawa kuwa a'a, hanta ce ke ƙera yawancin kolestarol ɗin, maganin taka mata birki yake, ka ɗaga ƙafa cikin 'yan makonni 100 ɗinka za ta dawo. In an rubuta maka wani sabon magani, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta kilaritiromaisin, ka ce kana kan sitatin.

Abban Walid: Ni dai har yanzu uku cikin ɗarin Injiniya ce ke min yawo a kai. Shekarata 43, ba hawan jini ba taba, fitsarina ban taɓa aunawa ba ma. Sista wannan gwajin albumin ɗin me zan ce musu in na je, kuma sai da fitsarin safe ake yi?

Nas Bilkisu: Ka ce ACR na fitsari, haka ake rubuta shi. Na farkon safiya ya fi kyau amma ko wane lokaci ana karɓa. Shekara nawa kana da sugan ba a taɓa yi maka ba?

Abban Walid: Huɗu.